Ribarmu miliyan 40, odita ya ɗora haraji a kan miliyan 44

Ɗan Kantin Kwari: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da littattafan wani kamfanin dillancin atamfa a Kano, cinikinmu ya kai naira miliyan 300 a 2024, riba kafin haraji miliyan 40. Odita ya ce a kan miliyan 44 za a biya haraji, Alhaji mai kamfanin kuwa ya ce sai na gaya masa inda miliyan 4 ta fito. A cikin kuɗin da muka kashe akwai raguwar darajar kadarori miliyan 8, tarar jinkirin VAT dubu 500, tanadin bashin da ake shakkar dawowarsa miliyan 2, gudummawar bukukuwa da ƙungiyar ƙwallon unguwa miliyan 1.5, da janareto na miliyan 3 da aka rubuta a gyare-gyare. Mun kuma sami ribar hannun jari miliyan 2 daga wani banki, da ruwan tireshari bil, wato takardar lamunin gwamnati ta gajeren zango. Don Allah a warware mini.

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Oditan bai cuce ku ba, kuma ba miliyan 4 ya ƙara kai tsaye ba. Miliyan 15 ya ƙara, ya cire 11.

Littafinka yana cire duk abin da ya fita daga kamfani. Dokar harajin kamfanoni da ta shafi lissafin 2024 kuwa ba ta yarda a cire komai sai wanda aka kashe kacokan domin neman ribar nan, bisa larura kuma ba tare da wuce kima ba. Duk abin da ka cire alhali doka ba ta yarda ba, sai ka mayar da shi kan ribar. Abubuwa biyar ɗin da ka lissafa duk sun faɗa nan. Tara hukunci ce, gwamnati ba za ta ci tararka sannan ta rage maka haraji saboda ita ba. Janareto kadara ce da za ta yi shekaru tana aiki, ba canjin mai ko filogi ba ne. Raguwar daraja kuma ƙiyasinku ne, wani kamfanin zai ce motarsa shekara huɗu za ta yi, wani ya ce takwas, shi ya sa ake mayar da ita gaba ɗaya a ba ka alawus ɗin kadara da doka ta yanka a madadinta.

Ga yadda na ga takardarsa za ta kasance. Miliyan 40 a haɗa da 15, ta zama 55. A cire ribar hannun jari miliyan 2, saura 53. Tunda ya tsaya a 44, ke nan alawus ɗin kadara miliyan 9 ya ba ku. Duba shafinsa na ƙarshe ka gani. Cinikinku ya haura miliyan 100, saboda haka a ƙa'idar 2024 kashi 30 ne, wato miliyan 13.2. Harajin ilimi na kashi 3 kuma, a lissafin 2024, a kan 53 ake lissafa shi, kafin a cire alawus, ya kama miliyan 1.59. Wannan ka shirya wa Alhaji shi tun yanzu, don na tabbata miliyan 12 cif yake ƙirgawa a ransa.

Abu Fatima: To ai akwai kuskure. Kuɗin tireshari bil ba a biyan haraji a kansa, kuɗin gwamnati ne. Ka sa ya cire shi kamar yadda ya cire na hannun jari.

Malam Akanta: Da haka yake, Abu Fatima, amma an wuce wurin. Sassaucin na shekara goma ne daga 2012, ya ƙare a farkon Janairun 2022. Daga nan kamfani yana biyan haraji a kan abin da tireshari bil ya kawo masa. Takardun lamuni na dogon zango na gwamnatin tarayya su ne suka ci gaba da zama ba haraji. A lissafin 2024 barin sa a ciki shi ne daidai.

Maman Khalifa: Ni ina da ƙari a kan ribar hannun jarin, don a nan na ga ana yawan tuntuɓe a ofishinmu. Dalilin cire ta shi ne an riga an yanke kashi 10 kafin ta iso ku, kuma wannan yankan shi ne harajinta na ƙarshe. Amma ƙanena, duba leja ka ga nawa ka shigar. In an raba muku miliyan 2, aka yanke dubu 200, kai kuma miliyan 1.8 da ta faɗo asusu ka rubuta, to 1.8 za ka cire. Abin da ya shiga cikin ribar shi kaɗai ake fitarwa. Sannan dubu 200 ɗin nan kar ka sake kawo ta ka ce a rage maka ita daga harajin kamfani. In kuma kun biya dillalin hannun jari wani abu don kula da jarin, shi ma a mayar da shi, tunda kuɗin da ya samo ba a ɗora masa haraji ba.

Ɗan Kantin Kwari: Na duba, Hajiya. Miliyan 2 cikakkiya na rubuta, alawus ɗin kuma 9 ne kamar yadda Malam ya faɗa. Abin da ya tsaya mini bashin nan ne. Miliyan 1.2 daga ciki ta mutum ɗaya ce, wani ɗan kasuwa da ya ɗauki dila-dilan kaya, shagonsa ya ƙone, shekara biyu ke nan ko sisi bai kawo ba.

Maman Khalifa: To wannan magana ce daban, kuma da ka faɗa wa odita tun farko. Abin da ake mayarwa shi ne tanadin jimla, irin a ce kashi kaza na duk basussuka wataƙila ba zai dawo ba. Bashin mutum sananne, mai suna da adadi, wanda za ka iya nuna ya lalace, ana yarda a cire shi. In ya wuce, 44 ta koma 42.8, kun tsira da dubu 360 a harajin kamfani kaɗai. Sai dai hujja fa: rasitan kayan da ya ɗauka, wasiƙun neman biya, takardar lauya in akwai, rahoton gobarar. In daga baya Allah ya buɗa masa ya biya, kuɗin zai shiga ribar shekarar da ya biya.

Malam Akanta: A doka Hajiya ta yi daidai. A aikace ina da shakka. Mu a kasuwa bin bashi da baki ake yi, a aika yaro, a haɗu a masallaci a tuna wa mutum. Jami'in hukumar haraji fayil yake buɗewa, kuma in ya ga ko wasiƙa ɗaya ba a rubuta ba, zai ce ba ku nema ba, yafewa kuka yi.

Sarkin Dilolin Wambai: Ni duk wannan dogon lissafi ne. Alhajinku ya riƙa rubuta gudummawar a matsayin talla mana, ai sunan kamfani ne a rigunan 'yan ƙwallon.

Maman Khalifa: Rigar da ke ɗauke da sunan kamfani, in akwai yarjejeniya a rubuce da rasit, ana iya kare ta a matsayin talla. Kuɗin da aka kai gidan biki a ambulan ba ya zama talla don an canza masa suna, kuma shi ne irin abin da ake tonowa a bincike a ɗora masa tara da ruwa. A dokar da ta shafi lissafin 2024, kyautar da ake cirewa sai wadda aka bai wa hukumomin da ke cikin jadawali na biyar na dokar, irin su Red Cross ta Najeriya, ita ma kar ta wuce kashi 10 na ribar da ake ɗora wa haraji.

Ɗan Kantin Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wasiƙa dai babu, amma akwai saƙonnin waya da muka riƙa tura wa mai bashin, da hoton shagon bayan gobarar. Za su wadatar?

Malam Akanta: Ka buga su a takarda ka kai wa odita, sannan ku sa lauya ya rubuta wa mai bashin a wannan makon. Ni dai da saƙon waya kaɗai ba zan cire miliyan 1.2 ba.

Maman Khalifa: Ni zan cire, in dai da rahoton 'yan kwana-kwana a haɗe. Ka fara neman wannan.