Don Allah a duba min lissafin nan, kuɗin Masar ba sa cika

Maman Sadiƙ: Salam 'yan uwa. Ɗana na karatun likitanci a Alƙahira, ni ke ɗauke da shi tun rasuwar babansa, ga shago ga ƙannensa uku ga dangin uban ko leƙe babu. Wani mai canji a Wapa nake ba naira, yaronsa na can ya miƙa wa Sadiƙ fam a hannu, kuma bai taɓa cajina ko sisi ba, aminin marigayi ne. Wannan karon miliyan ɗaya da rabi na ba shi, Sadiƙ ya karɓi fam 45,450, wai abokinsa da aka turo wa daidai haka ya samu 47,500 da wani abu. Yaron ne ke min wasa ko me? Kuɗin haya ya kusa, ko barci ba na iyawa.

Alhaji Ɗanlami: Hajiya ki bar wahalar da kanki. Ki sayi dala ki ba matafiyi ya kai masa hannu da hannu, shi ke nan. Banki da manhaja duk yankan aljihu ne, ni na san harkar nan ciki da bai.

Nura Akanta: Hajiya ba laifin Sadiƙ ba ne, cajin yana cikin farashin. Raba 1,500,000 da 45,450, kin ga naira 33 ya sayar miki da kowane fam. In a ranar dala tana 1,500 a nan, a Masar kuma fam 50, to fam ɗaya naira 30 ke nan, da 50,000 za su isa hannunsa. Ukun nan da ke kan kowane fam ita ce ribar, ta cinye fam 4,550, wajen naira dubu 136. Abokin nasa kuwa da alama an cire musu caji a fili, a ce dubu 25, amma aka ba su a kan 31, shi ya sa suka tashi da kusan 47,580. Wanda ya biya caji ya fi ki samu. Wace rana kika tura, kuma ya faɗa miki farashi kafin ki ba shi?

Maman Sadiƙ: Ban tambaya ba gaskiya, da kunya. Mutumin da ko ban da kuɗi zai sa a ba yaron in biya daga baya, wane banki ne zai min haka?

Alhaji Ɗanlami: Ka ji ko Nura. Ku 'yan boko sai lissafin takarda, wannan farashin na Google wa zai sayar maka a kai? Ka je Wapa ka ce a ba ka mu gani.

Nura Akanta: Ba wanda zai ba ka shi cif Alhaji, ma'auni ne kawai, kowa sai ya ci abinci. Amma kashi 2 ko 3 daban, kashi 9 daban. Kuma dalar hannun ma canji biyu ne, ka saya da tsada a Kano ka sayar da araha a can. Kafin Maris 2024 tana da riba, don banki na kan fam 31 kasuwar bayan fage ta haura 60, amma tunda Masar ta saki kuɗinta wannan garaɓasar ta wuce.

Ummi Zariya: Ni dai kar a ce mata banki wlh. Lokacin jinyar mamanmu a Indiya dala 2,000 muka tura, aka caje mu a nan, da ya isa asibitin suka ce saura 35, wai wani banki a tsakiya ya yanka, aka riƙe mu a kan 35 ɗin nan kamar mun yi sata, yayana kuwa ko kira bai ɗauka ba ranar.

Nura Akanta: SHA aka zaɓa muku a fom ɗin, wato ku raba caji da mai karɓa, shi ne bankin da kuɗin ya bi ta cikinsa ke cire nasa daga kuɗin. Da OUR ne, wato caji a kan mai turawa, a nan za ku biya duka. Hajiya kuɗin makaranta ki tambayi bankinki Fom A, takardar neman kuɗin waje ta banki, amma makarantar ake biya kai tsaye, kuma yakan ɗau lokaci. Na haya kuwa tambaya ɗaya za ki yi wa mutum uku a rana ɗaya: in na ba ka miliyan ɗaya da rabi yanzu, fam nawa zai shiga hannun yarona?

Issoufou Maraɗi: Mu wana daga Faransa yake turowa, yuro ɗaya sefa 655.957 kullum ba ya motsi, caji kawai muke dubawa. Ki ce a turo miki ta haka.

Ummi Zariya: Malam ita ce ke turawa fa, ba karɓa take ba.

Alhaji Ɗanlami: Ina da yaro da zai tashi Alƙahira ranar Laraba, ki min magana ta gefe.

Maman Sadiƙ: Na gode duka. Amma ni ba zan iya zuwa in tsare aminin mijina da lissafi ba, ranar da Sadiƙ ya kwanta asibiti cikin dare shi ya sa aka kai kuɗi. Ƙila ma farashin ne ya hau a ranar. Nura shi Fom A ɗin yana ɗaukar haya ko makaranta kaɗai? Mai gidan ya ba shi zuwa ƙarshen wata.