Neman kalmar Hausa a madadin "shot" a bidiyon koyar da sana'a

Mai koyar da girki, Wunti: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibaina tsarin bidiyon suyar masa, kowane mataki da lambarsa, kuma ana so kowanne ya shiga cikin "shot" guda. Wace kalmar Hausa ce za ta maye gurbinta?

Ɗalibi, Yelwa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina "fitowa" ta wadatar, tunda da ita ake raba wasan kwaikwayo.

Mai ɗaukar bidiyo, Muda Lawal: Fitowa ta yi faɗi, ƙanena, domin duk abin da ya gudana a madafa a zama ɗaya fitowa guda ce, ko da an tsayar da kyamara sau goma. Abin da Hajiya take nufi shi ne abin da kyamara ta kama daga kunnawa zuwa tsayarwa ba tare da yankewa ba, kuma ni "ɗauka" nake kiransa. Yadda ake gane mataki ya dace da ɗauka guda shi ne ya zama aiki ɗaya, kyamara tana wuri ɗaya, hannun mai aikin bai fita daga hoton ba. Idan aka rubuta mataki na 5 "a zuba mai a tanda, a zuba ƙullu, a juya", an haɗa ayyuka uku, kuma tsakanin zubawa da juyawa akwai jiran da dole a yanke shi. Gara zuba mai ya zama na 5, zuba ƙullu na 6, juyawa na 7, shi kuma a matso da kyamara kusa domin a ga gefen masar ya kama kafin a sa cokali, wanda shi ne ainihin abin da mai koyo ya zo nema.

Tela, Gombe: Malam, wayata ba ta da wuri sosai. Ke nan mataki bakwai bidiyo bakwai zan saki?

Mai ɗaukar bidiyo: A'a, Alhaji, bidiyo ɗaya ne, wajen tacewa ake jera su bisa lamba.

Mai koyar da girki: Na karɓi "ɗauka", amma tashin ƙullu ya gagare ni, domin bayan an zuba yis sai an jira sa'o'i.

Mai ɗaukar bidiyo: Wannan matakin ɗauka biyu yake ci, Hajiya, ɗaya lokacin rufe roba, ɗaya lokacin buɗewa, daga gefe guda kuma ba a motsa robar ba, domin ido ya auna yadda ƙullun ya ƙaru. Lamba ɗaya za su ɗauka.

Malamin Hausa, Azare: Ina da ja kaɗan. Idan juyawa ta ɓaci aka sake sau uku, kowane yunƙuri ma ɗauka ne a bakin mutane. Ina ba da shawarar a bar "ɗauka" ga abin da aka tsara a takarda, a kira yunƙurin "gwaji".

Ɗalibi: Malam, gwaji zai sa a zaci ba a kunna kyamara ba. Ko "maimai" zai fi?