Neman Shawara: Yaya Ake Fara Gasar Makamai Alhali Ba Mai Son Yaƙi?

Malama Rabi: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi, kuma ɗalibaina sun ƙi yarda cewa ƙasashe biyu za su yi ta gasar tara makamai ba tare da ɗayarsu ta ƙudurci yaƙi ba. Wane misali za ku ba ni shawarar in kawo musu?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ɗauki gasar jiragen ruwan yaƙi tsakanin Birtaniya da Jamus. Birtaniya tsibiri ce da a wancan lokacin take shigo da yawancin abincinta ta teku, saboda haka tun 1889 ta tsayar da ƙa'idar cewa rundunar ruwanta ta kai ƙarfin ƙasashe biyu da ke bi mata in an haɗa su. Jamus kuwa tsoronta shi ne a tare mata hanyar Tekun Arewa a shaƙe kasuwancinta, shi ya sa ta yi dokokin ƙera jirage a 1898 da 1900 ƙarƙashin Tirpitz, ministanta na rundunar ruwa. Matsalar ita ce jirgin da zai hana a tare ka shi ne kuma zai iya yanke wa maƙwabci hanyar abinci, kuma babu mai iya gane niyya daga kallon bindigoginsa. Da Birtaniya ta fito da sabon samfurin babban jirgin yaƙi mai suna Dreadnought a 1906, tsofaffin jirage suka zama na baya, lissafi ya koma kusan farko. A 1909 zargin cewa Jamus na gaggauta ƙira a asirce ya sa Birtaniya ta amince da manyan jirage takwas maimakon huɗu.

Alhaji Bala: Ni a ganina masu kamfanonin ƙarfe ne kawai suka hura wutar don su sami kwangila.

Malam Isuhu: Sun ci riba, Alhaji, amma ba su suka sa Birtaniya ta dogara da teku wajen abinci ba.

Hajiya Asabe: Malam, misalinka yana da rauni, domin Tirpitz da gangan ya tsara rundunar don ta matsa wa Birtaniya, Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu kuma girma yake nema. Wannan ai buri ne, ba tsoro ba.

Malam Isuhu: Akwai gaskiya a maganarki, Hajiya, masana ma ba su daidaita a kai ba. Amma neman matsa lamba daban yake da son yaƙi. Malama, ki ba ɗalibanki tattaunawar 1912 su yi hukunci da kansu: Haldane, ministan yaƙin Birtaniya, ya je Berlin, Jamus ta nemi alkawarin cewa Birtaniya za ta zama 'yar ba-ruwanmu idan yaƙi ya tashi a Turai kafin ita Jamus ta sassauta ƙera jirage, Birtaniya ta ƙi don kada a bar Faransa ita kaɗai, aka watse ba yarjejeniya.

Hajiya Asabe: Wannan buƙatar ta Jamus ita ce hujjata, Malam.