Na ajiye muƙamin ma'aji saboda ƙanena na neman aikin ƙungiya: me kuka rubuta a takardarku?

Tsohon Ma'aji: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ina riƙe da kuɗin ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Bana muka tara kuɗin haƙa rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana, aka ce duk mai so ya kawo farashinsa. Cikin mutum uku da suka kawo har da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma motar haƙar da yake aiki da ita ina da kaso a ciki. Ke nan idan ya samu aikin, ni ne zan sa hannu a fitar da kuɗin, kuma wani abu daga ciki zai dawo aljihuna. Na kwana biyu ina juya abin, na ga ba zan iya zama a kujerar ba. Ga abin da na rubuta wa shugaba, na ba sakatare kwafi:

"Ina sanar da kwamitin gudanarwa cewa na ajiye muƙamin ma'aji daga ranar Juma'a mai zuwa. Dalili shi ne ina da alaƙa ta jini da ta kasuwanci da ɗaya daga cikin masu neman aikin rijiya, kuma bai dace in ci gaba da riƙe kuɗin ƙungiya a wannan hali ba. Zan miƙa littafin kuɗi, rasidai da takardun banki ga wanda kwamiti ya naɗa kafin wannan rana. Ina nan a matsayin ɗan ƙungiya, na gode da amanar da aka ba ni."

Shi ke nan, jimla huɗu. Wasu na cewa ta yi gajarta, kamar ina ɓoye wani abu. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi?

Malamar Firamare: Wa alaikumussalam. Yallaɓai, ka bar ta yadda take, ni na yi akasin haka kuma har yau ina nadama. Ina sakatariyar ƙungiyar matan gari, sai aka yanke shawarar a kama hayar ɗaki don ajin koyon ɗinki, kuma ɗakin da ya fi dacewa na maigidana ne. Na sauka, amma na rubuta shafi biyu cur. Na bayyana yadda aka fara maganar ɗakin, wadda ta kawo shawarar, da cewa ba ni na roƙa ba, har na ƙara da cewa a baya an sayi kujeru a wajen 'yar uwar wata babba a cikinmu ba wanda ya ce uffan. Nufina in wanke kaina. To ashe takardar murabus ba ta tsayawa a hannun wanda aka rubuta wa. An karanta ta a taro, an ɗauki hotonta an zuba a WhatsApp, kuma ba wanda ya tuna da maganar ɗaki, kowa kujeru yake ta yi. Baiwar Allar da na ambata, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta yi wata shida ba ta amsa gaisuwata. Ajin ɗinkin ma sai da ya yi jinkiri saboda kwamiti ya rabu biyu. Duk abin da ba za ka so a karanta a gaban surukanka ba, kada ya shiga takardar.

Ɗan Kasuwar Hatsi: Ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya gudu don an samu saɓani ba. Ko ni mun taɓa yin cacar baki da shugabanmu a kan kuɗin sharar kwata, dattawa suka zaunar da mu, aka wuce wajen. Ku je wajen mai unguwa a sasanta ku mana.

Tsohon Ma'aji: Alhaji, ba faɗa muka yi ba, ni da shugaba lafiya lau muke, tare muke sallar asuba. Matsalar ita ce amfanin kaina ya ci karo da amanar da nake riƙe. Ba abin da mai unguwa zai sasanta a nan.

Ɗan Kasuwar Hatsi: Au, na gane yanzu, a yi mini afuwa. To amma ko a hakan, ba sai ka fita daga ɗakin taro ranar da za a zaɓi mai aikin ba? A wajenmu haka ake yi.

Ma'aikacin Ofishin Lauya: Maganar Alhaji tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba a kowane hali ba. Idan ɗan kwamiti ne kawai, kuma abin na rana ɗaya ne, ya isa ya bayyana alaƙarsa, a rubuta a littafin taro cewa ya bayyana, ya fita kafin a fara tattaunawa, kada ya jefa ƙuri'a. Amma aikin rijiya ba a rana ɗaya ake gama shi ba. Akwai kuɗin somin aiki, akwai biya na biyu bayan an samu ruwa, akwai na ƙarshe bayan an ɗora tanki da faifan hasken rana, kuma kowane biya sai ma'aji ya duba ya sa hannu. In famfo ya lalace bayan wata uku, shi ne zai riƙe ragowar kuɗin ɗan kwangila. Sau nawa zai fita daga ɗakin? Shi ya sa nake ganin saukar ta fi.

Abin da nake so in tambaya shi ne: ƙungiyarku tana da rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista? In tana da ita, ka duba ko sunanka na cikin amintattun da ke kan takardar shaidar rajista. Mutane da yawa ba sa bambance kwamitin gudanarwa da kwamitin amintattu. Ƙungiyoyi irin naku ana yi musu rajista ne a ƙarƙashin sashen F na dokar kamfanoni ta 2020, kuma sunan amintacce ba ya fita don kawai ya rubuta wa shugaba wasiƙa. Sai babban taro ya zartar da ƙuduri, a kai wa hukumar, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan a canza. Na ga wani bawan Allah da ya sauka shekara uku, yana ganin ya rabu da komai, sai da rigimar fili ta taso aka kawo masa sammaci, domin a takarda har lokacin shi amintacce ne.

Tsohon Ma'aji: Muna da rajista, amma amintattun dattawa biyar ne, ba na ciki. Sai dai ka tuna mini da wani abu: ina cikin masu sa hannu a asusun banki.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki: To nan ne aikin yake, ɗan uwa. Banki bai san da wasiƙarka ba. Muddin ba a canza takardar masu sa hannu ba, sa hannunka yana aiki, kuma saƙon shiga da fitar kuɗi zai ci gaba da zuwa wayarka in lambarka ce a kan asusun. Abin da ake buƙata shi ne ƙudurin kwamiti a rubuce, da sa hannun shugaba da sakatare, mai cewa an cire wane an sa wane, sai sabon mutumin ya je da hotonsa da katin shaida da lambar BVN ya cike takarda. Ranar Juma'ar da ka sa ta yi kusa in ba a riga an naɗa magajinka ba. Ka matsa musu su zauna a wannan makon. Kuma ranar miƙa kaya, ku ciro bayanin asusu na wannan ranar, a rubuta abin da ke banki da abin da ke hannu har zuwa naira ta ƙarshe, a lissafa takardun cak da suka rage da lambar na farko da na ƙarshe, kai da mai karɓa da shaida ɗaya ku sa hannu, ka riƙe kwafi a gida. Wannan takardar ce za ta yi tsawo, ba ta murabus ba. Mutane suna juya abin, su cika wasiƙa da bayani, su miƙa littafi a leda a ƙofar masallaci ba shaida.

Baban Tagwaye: Ni ina da ja a kan abu ɗaya. Me ya sa ka faɗi dalili? Lokacin da na sauka daga kwamitin tsofaffin ɗalibai saboda shagona na son kawo kayan gyaran azuzuwa, cewa na yi "saboda wasu dalilai na ƙashin kaina". Ba wanda ya tambaye ni, na rabu lafiya. Doka ma ai ba ta tilasta wa kowa faɗin dalili.

Malamar Firamare: Baban Tagwaye, kai ka ci sa'a. A garinmu in ma'aji ya ce "dalilai na ƙashin kaina", kafin la'asar an ce kuɗi ne suka ɓata. Jimla ɗaya ta gaskiya tana rufe wannan ƙofar.

Ma'aikacin Ofishin Lauya: Ko dole ne ko ba dole ba, kundin tsarin mulkin ƙungiyarku ne zai faɗa, wasu sun tanadi a bayyana irin wannan alaƙa, wasu ko wa'adin sanarwa ba su ambata ba. Amma ka duba ta wannan fuskar. Ka sauka shiru, bayan sati biyu shagonka ya samu aikin. Wanda bai san komai ba zai ce ka shirya abinka ne tun kana ciki. Wanda ya rubuta dalili da kwanan wata yana da abin nunawa. Kuma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: kafin ka sauka, ka ga farashin sauran masu nema? In ka gani, saukar ba ta goge abin da ka riga ka sani.

Baban Tagwaye: Kasafin da aka ware na sani, tunda da ni aka yi shi. Farashin wasu kam ban gani ba. Har yanzu dai ina ganin mutum yana da haƙƙin ya yi shiru.

Tsohon Ma'aji: Ni ma kasafin na sani, kuma wannan ne ke damuna. Ambulan ukun suna hannun sakatare a rufe, ban taɓa su ba, kuma ban faɗa wa ƙanena adadin ba, Allah ne shaida. Sai dai ba ni da hanyar tabbatar wa kowa hakan. Na ba shugaba shawara a sanar da duka ukun adadin da aka ware, a ba su mako guda su sake kawo farashi, kowa ya tashi daga wuri ɗaya. Ya ce zai kai wa kwamiti, mataimakinsa kuma yana ganin hakan zai sa dukkansu su ɗaga farashi ya kai bakin kasafin. Ban san wanda za a bi ba, kuma yanzu ba ni da ƙuri'a a ciki. Ƙanena ma ya yi fushi, yana cewa na sa mutane za su riƙa yi masa kallon wanda ake zargi. Mahaifiyarmu ta kira mu gobe da daddare.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki: Allah ya daidaita tsakaninku. Kafin ka tafi wajen Hajiya, ka kira sakatare ya sa maganar canza masu sa hannu a ajandar zaman farko, kuma ya ba ka kwafin wasiƙarka da hatimin ƙungiya da ranar da ya karɓa.