Mi za mu kira lissafin modula da Hausa?

Malamar Lissafi: Salamu alaikum malamaina. Litinin ina da darasin modula da 'yan SS1, kuma da Hausa suka fi ganewa. Misalina `3^100 mod 7`, wato a ninka 3 guda 100 da juna, a raba da 7, a ga abin da ya yi saura. Ina neman sunan fannin, da sunan rage lambar da aka yi a kowane mataki.

Ɗan Mabera: Lissafin agogo mana, Malama. Amsar kuma 2 ce: a raba 100 da 7 saura 2, 3 sau 3 tara, a cire 7 saura 2.

Baban Ɗalibai: A'a ɗana, lambar sama ba da 7 aka rage ta ba. Bi a hankali, kana ninkawa da 3, duk sadda ta wuce 7 ka zubar da bakwai-bakwai ka riƙe saura. Za ka samu 3, 2, 6, 4, 5, 1. A mataki na shidda anka dawo 1, daga nan sai maimaici. Ke nan da 6 za a raba 100: sau 16, saura 4. Ta huɗu a jerin ita ce 4, amsar ke nan. Suna kuwa, lissafin mudu. 7 ita ce mudun, a yi ta awo har abin da ya rage ya kasa cika shi.

Malamar Lissafi: Baba, kullum sai an dawo 1?

Baban Ɗalibai: Ba kullum ba, ɗiyata. Nan an dawo don ba lambar da ke raba 3 da 7 duka sai 1. Gwada 2 da mudun 12: 2, 4, 8, 4, 8, har abada babu 1. Hanyar da ba ta ƙi ita ce ninka saura da kanta, ki rage, ki sake. A misalinki `3^2` saura 2, `3^4` saura 4, `3^8` saura 2, haka har `3^32` saura 2, `3^64` saura 4. Tunda 100 = 64 + 32 + 4, sai 4 × 2 × 4 = 32, saura 4. Hanya biyu sun ba da amsa ɗaya. In kinka ga sauran yaro ta kai 7 ko ta wuce, bai gama awo ba.

Mai Kishin Harshe: Mudu Balarabiyar kalma ce, agogo kuma daga Yarbanci. Sai mun yi aro? Lissafin ragowa.

Ɗan Mabera: To shi lissafin da kac ce fa, ba Larabci na ba?

Mai Kishin Harshe: Wannan ya daɗe da zama ɗan gida. Kuma duk abin da munka tsayar nan, in bai yi ma Kanawa ba, ba ya shiga littafi.

Gwaggon Kasuwa: Ragowa ai ta tuwo ce, yara dariya za su yi. Kuma mu nan kwano muka fi cewa.

Baban Ɗalibai: Kwano ko mudu, awon dai guda ne. Ina nan kan mudu.

Malamar Lissafi: Na gode. Zan rubuta lissafin saura a allo, in kira 7 mudu, modula kuma ta zauna gefe saboda jarrabawa. Sunan ragewar fa?

Mai Kishin Harshe: Saura na yarda, ba don raina ya so ba. Mudu kam a'a. Ragewar ku ce tankaɗe.

Baban Ɗalibai: Tankaɗe bai shiga nan ba. Ki ce rage-ka-ninka har a samu wadda ta fi.