Tambayoyin zaman farko: tantancewa ce ko titsiye?

Bintu, daga Garwa: Assalamu alaikum. Wani mutum ya zo wurina zance da izinin mahaifina, muka zauna a zaure ƙanena yana gefe, na tambaye shi abu huɗu: nawa yake samu a wata, ko zai bar ni in ci gaba da koyarwa, ko yana da niyyar ƙara aure, da kuma gidan da za mu zauna. Bai sake dawowa ba, sai ya aika wa goggona cewa titsiye na yi masa. Ni ina ganin mace tana da haƙƙin tantance namiji tun zaman farko, kuma duk wanda ya guji tambaya akwai abin da yake ɓoyewa. Wanda yake ganin ba haka ba, ya faɗa mini tambayoyin da suka dace.

Alhaji Ɗanjuma, daga Marwa: Wa alaikumus salam. 'Yata, tun daga kalmar da kika zaɓa aka gane inda matsalar take. Tantancewa aikin masu ɗaukar soja ne da masu shirya jarrabawa. Mutum ya wanke kayansa, ya tako har ƙofar gidanku saboda mutuncin mahaifinki, ke kuma kina cewa za ki tantance shi? Tantancewa ta waliyyi ce, shi ne zai aika a bincika asalin mutum da sana'arsa da masallacin da yake salla. Naki shi ne ki gan shi, ya gan ki, ki ji ko ranki ya kwanta.

Hajiya Mairo, daga Garwa: Alhaji, da girmanku, amma ku maza kun daɗe kuna tantance mata ba wanda ya ce muku komai. Ana tura tsohuwa ta je ta ga yadda yarinya take tuƙa tuwo da yadda take gaishe da manya, ana bin dangin uwarta har kaka ta uku. Wannan me sunansa? Sai da kalmar ta fito daga bakin mace sannan ta zama rashin kunya.

Alhaji Ɗanjuma: Hajiya, abin da tsohuwa take yi bincike ne, kuma a ɓoye take yin sa don kada a kunyata kowa. Tantancewa kuwa a gaban idon mutum ake yi. Bambancin ke nan, kuma 'yan boko ne suka kasa gane shi.

Hajiya Mairo: To, yau kuma boko ya shigo. Ita malamar makaranta ce, ba ta ɓoye ba, kuma da saninsa ya zo.

Malam Sale, daga Gaundere: Bari in sa baki ta fuskar addini. Lokacin da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi aure, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya je ya dubi matar, domin hakan ya fi sa zama ya ɗore. Haka nan da Faɗima 'yar Ƙais ta kawo maganar masu nemanta, ya gaya mata cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuwa ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, sannan ya ba ta shawarar Usama ɗan Zaidu. Saboda haka sanin halin mutum da aljihunsa kafin aure ba laifi ba ne. Sai dai ku lura, wani ta tambaya a kansu, ba su ta tsare da tambaya ba. Ni a fahimtata zaman farko na kallo ne da gaisuwa kawai.

Goggo Asabe, daga Garwa: Malam, rabin maganarku na karɓa. Cewa ta tambayi wani ba ya nuna an hana mace ta tambayi manemi da bakinta, muddin ba a keɓe suke ba, kuma Bintu ta ce ƙanenta yana zaune. Ni dai rigimar kalma ba ta dame ni ba, tambayoyin nan huɗu nake so mu duba, domin na daɗe ina shiga tsakani a maganar auren 'ya'yan dangi.

Bintu 'yata, abubuwan da kike son sani duk suna kan hanya, amma kin nemi alkawari ne a kan gobe, kuma alkawarin gobe kowa yana iya yin sa. Wanda yake son ki zai ce miki ba zai ƙara aure ba har abada, zai bar ki ki yi aiki, zai kama miki gida ke kaɗai, kuma a ransa a wannan daren da gaske yake. Maƙaryaci ma hakan zai faɗa. To, me kika ƙaru da shi? Abin da yake nuna hali shi ne labarin abin da ya riga ya faru, domin mutum ba ya shirya masa amsa daga gida.

Ɗauki maganar aiki. Da kin fara ba shi labarin ajinki, yawan yaran da wahalar gyaran takardu da dare, sannan kin ce, "Ku a gidanku akwai macen da take aiki ko sana'a?" Idan ya ce yayarsa tana aikin jinya, ki saurari yadda zai faɗe ta. Wani zai ce, "Tana ƙoƙari ƙwarai, ni nake kai yaranta makaranta idan tana aikin dare." Wani kuma zai ce, "Mijinta dai haƙuri yake yi." Dukansu ba su yi miki alkawari ba, amma kin riga kin ji inda kowannensu ya tsaya.

Maganar kuɗi ma haka take. Adadin albashi ba na zaman farko ba ne, wannan kam na ba Alhaji gaskiya, mahaifinki zai gano shi cikin sauƙi. Abin da mahaifinki ba zai gano ba shi ne yadda hannun mutumin yake. Ki tambaye shi yadda ya fara sana'arsa, wa ya riƙe shi, kuma su wa suke wuyansa yanzu. Namiji yana jin daɗin ba da wannan labari. A ciki za ki ji ko yana ambaton ubangidansa da alheri ko kowa azzalumi ne sai shi, za ki ji ko ƙanne biyar yake biya wa makaranta, za ki ji ko da gunaguni yake faɗar hakan. Gidan zama kuwa, tambaya ɗaya ta isa: "Yaya jikin Inna, wa yake tare da ita a gida?" Idan shi ne babba kuma uwar tana hannunsa, kin san gidan yawa za ki shiga ko da ya rantse miki da akasin haka.

Kuma duk tambayar da za ki yi, ki fara ba da naki labarin. Mai titsiye karɓa kawai yake yi, ba ya bayarwa. Biyu ko uku sun isa a zama ɗaya, sauran a bar wa zuwa na gaba.

Ɗan Kusiri: Goggo, ni abin da ya faru da ni ya sa ba na yarda da tambayoyin mata gaba ɗaya. Na nemi wata a Njamena, kullum ina tsallake gadar Ngeli da toshi, ba ta taɓa tambayata komai ba sai ranar da maganar lefe ta taso, a nan ne na ji tambayoyi har da yawan akwatuna. A rage tsadar lefe tukuna, sannan a zo a yi maganar hali.

Hajiya Mairo: Ɗana, labarinka goyon bayan Bintu yake yi ba ka sani ba. Da ta tambaye ka tun farko, da ba ka ƙarar da kuɗin mota ba.

Alhaji Ɗanjuma: Abin da Goggo Asabe ta kawo ma tantancewa ce, ta dai yafa mata mayafi. Ni na fi ganin mutuncin wadda ta tambaya kai tsaye a kan wadda za ta zauna tana auna maganata ban sani ba. Kuma mu nan Marwa da muke zaune cikin Fulani, yarinya mai kunya ba ta ko ɗaga kai a zaman farko.

Hajiya Mairo: Ɗazu kun ce tambaya kai tsaye rashin kunya ce, yanzu kuma ita kuka fi so. Sannan Garwa ma cikin Fulani take, ba a Marwa aka ajiye kunya ba.

Bintu: Goggo, na gode, amma kun tsallake maganar ƙarin aure. Ni ma'aikaciya ce, dole mu yi takardar aure a ofishin magajin gari, kuma a nan Kamaru ana rubutawa a takardar ko auren mace ɗaya aka zaɓa ko na fiye da ɗaya. Tambayar da hukuma za ta yi mana a gaban shaidu, don me ni ba zan yi ta a zauren gidanmu ba?

Goggo Asabe: Za ki yi ta, kuma kai tsaye, domin wannan ba ta da zagaye. Ita da gwajin jini saboda cutar sikila, dole a gama da su kafin a kawo kuɗin gaisuwa, don bayan an sa rana janyewa tana da wuya. Amma lokacinsu shi ne bayan ku biyun kun nuna kuna so. A zaman farko abin da za ki iya shi ne ki tambaye shi gidan da ya taso, ɗaki nawa ne, yaya zamansa da 'yan uba. Sai dai kada ki dogara da wannan sosai. Na ga wanda ya sha wuya a gidan kishiyoyi ya rantse ba zai yi ba, shekara ba ta yi nisa ba ya yi.

Malam Sale: Ni wannan takarda ban ga yadda za ta haramta abin da aya ta uku a Suratun Nisa'i ta halatta ba.

Hajiya Mairo: Ba wanda ya ce ta haramta, Malam. Amma wanda ya sa hannu da kansa ya ɗauki alkawari, cika alkawari kuwa ku kuke karantar da mu.

Malam Sale: Sharaɗin kada a yi kishiya, malamai sun yi saɓani a kan ko yana lazimtar miji, wannan muhawara ce ta daban.

Baba Iliya, mai kula da zaure: Dare ya yi, bari in taƙaita. Yawancin masu magana sun yarda cewa tantancewa ta waliyyi ce, cewa Bintu ta yi gaggawa, kuma zaman farko na gaisuwa ne kamar yadda Alhaji da Malam suka yi bayani da hujja. Goggo Asabe ta ƙara da wasu dabarun hira ga mai bukata.

Hajiya Mairo: Baba, mutum biyu ne yawanci? Kuma tambayar da Bintu ta fara da ita, ko wanda ya gudu yana ɓoye wani abu, ba wanda ya taɓa ta.

Goggo Asabe: Wannan ba mu ne za mu amsa ba, tunda ba mu san mutumin ba. Bintu, ki ce goggonki ta tambayi wanda ya kawo shi gidanku.