Neman kalma: me za mu kira “jur’a” ko “dos” da Hausa?

Maman Hanan: Salamu alaikum. An kawo mini takardar sallama ta Larabci in mayar Turanci. Wata baiwar Allah ce aka cire wa maƙoƙo a Alƙahira, yanzu likitanta na Kano yana son ganin magungunan da aka ɗora ta a kai. Turancin bai ba ni wahala ba, jur’a dai dos ce. Amma ’ya’yanta sun ce in yi musu bayani da Hausa, a nan na tsaya. Layin da ke gabana ya ce lebotairoksin ١٥٠ مكجم sau ɗaya a rana, alar riƙi, wato kafin a ci komai.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ai mu “ƙwaya nawa” muke cewa a kyamis, kowa kuma yana ganewa. In kina son ta littafi, ki ce ƙa’idar shan magani.

Sista mai ritaya: Malam, ƙwaya nawa ba ta isa ba, kuma wannan maganin ma shi ne hujja. Ana yin sa da ƙarfi daban-daban, akwai mai 25, akwai mai 50, akwai mai 100. Matar da aka rubuta wa 150 tana iya shan mai 100 guda ɗaya da mai 50 guda ɗaya, ko mai 50 guda uku. In ta riƙe “ƙwaya biyu” a kai, ranar da aka sayo mata wani kwali daban shi ke nan an kauce. Ƙa’ida kuwa ta haɗa har da lokaci da tsawon kwanaki, ta yi faɗi. Ni ina cewa ƙarfin ƙwaya ga abin da ke jikin kwali, awon sha ɗaya ga jur’a.

Amma ’yata, kafin kalma, ki duba layin nan da kyau. Biyar ta Larabci zagaye ce kamar sifilinmu, sifilinsu kuma ɗigo ne, don haka wanda idonsa ya saba da boko zai ga ١٥٠ ya karanta goma da aya. In hoto aka turo miki ta waya ko kwafi ne mai dishi-dishi, ɗigon na iya ɓacewa gaba ɗaya, ya zama 15. Sannan مكجم maikirogiram ne, ملجم kuma miligiram. Harafi ɗaya ya raba su, kaf da lam, a rubutun hannu kuwa in sandar kan kaf ba ta fito ba sai ta koma lam. Tsakaninsu ninki 1000 ne. Abin da zai nuna miki shi ne maganin kansa: lebotairoksin da maikirogiram ake ba da shi, 150 ɗin nan daidai take da 0.15 na miligiram. In kika ga kin rubuta miligiram 150, ki san akwai kuskure.

Abu Fatima: Ni dai “takardar sallama” ta fi mini daɗi a kan “rahoton fita”. Da mahaifina ya kwanta a Makka lokacin Umara haka muka kira ta.

Maman Hanan: Allah ya ƙara masa lafiya, Malam. Sunan takardar ba mu da ja a kai, jur’a muke nema. Sista, na koma kan asalin takardar, kaf ce sarai, ɗigon ma yana nan. Ga yadda na rubuta:

```
Levothyroxine 150 mcg OD, on an empty stomach
```

Sista mai ritaya: Kin kyauta da kika sa `mcg` ba `µg` ba, don `µg` ana karanta shi `mg` in an kwafa da hannu. Amma ki cire `OD`. Mu nan mun san sau ɗaya a rana ne, wasu kuwa idon dama yake nufi a wajensu. `QD` ma kada ki sa, ana rikita shi da `QID`, wato sau huɗu, shi ya sa tun 2004 yake cikin jerin gajerun kalmomin da aka hana a asibitocin Amurka. Larabcin ya rubuta shi cikakke, ke ma ki rubuta `once daily`. Kuma kada ki mayar da shi miligiram don ya yi kyau, aikin likita ne wannan. Duk abin da bai karantu ba ki rubuta cewa bai karantu ba, ki haɗa da kwafin Larabcin.

Ɗan Maraɗi: Awo bai kwanta mini ba. Mace in ta ji awo, awon ciki za ta fara tunawa, namiji kuma awon hatsi. Mu a nan “doz” muke ji a bakin likitoci, har tsofaffi sun ɗauka.

Baban Sadik: To a ce “kashi” mana.

Sista mai ritaya: Kashi zai sa a zaci raba ƙwayar za a yi. Awo shi kaɗai ne ke da ruɗani, in an ce awon sha ɗaya ba mai tuna awon ciki. Inda ya gaza shi ne allura da ɗigon ido, don ba shan su ake yi ba.

Maman Hanan: A wannan takardar zan tafi da awon sha ɗaya, tunda duk na baki ne. Na rubuta musu: awon sha ɗaya maikirogiram 150, da safe kafin a ci komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, a kuma duba lambar kwali duk sanda aka sayo sabo. Wanda ke da kalmar da za ta ɗauki allura ma, ya kawo, don akwai takardar mai ciwon suga tana jira na.